Mutum biyar a layin famfo: yadda ake ƙirga hanyoyin jera su, da abin da alamar 5! take nufi

A unguwarmu ta wajen Ƙofar Marusa a Katsina, da zarar bazara ta kankama, layin famfon tuƙa-tuƙa yakan fara tun kafin a fito sallar asuba. Da wannan layin nake fara koya wa ɗalibaina darasin da littafin lissafi yake kira faktoriyal, domin na lura duk yaron da aka fara nuna masa alamar kafin a nuna masa layi, haddacewa kawai yake yi, kuma da an ɗan juya tambayar sai ya ɓace.

Ga mutanenmu su biyar: almajiri da bokitinsa, ɗan garuwa, wata tsohuwa, wata yarinya, sai ƙanenta da ta riƙo. Don sauƙin rubutu, kowa mu ba shi harafi ɗaya: A almajiri, G ɗan garuwa, T tsohuwa, Y yarinya, K ƙanenta. Tambayar ita ce, ta hanya nawa waɗannan mutane za su iya jeruwa a layi ɗaya, daga bakin famfo zuwa baya? Idan na tambayi aji, wasu sukan ce biyar, wasu goma, masu ƙarfin hali su ce ashirin da biyar. Amsar ita ce 120, kuma za mu kai gare ta da ƙafarmu. Ka ɗauko takarda da biro.

Fara da kaɗan, ka rubuta su duka

Idan almajiri ne kaɗai a wurin, hanya ɗaya ce, shi ne gaba shi ne baya. Idan ɗan garuwa ya iso, hanyoyi sun zama biyu: AG ko GA. Ka lura tun daga nan cewa AG daban, GA daban, ko da yake mutanen ba su canza ba. A layi, wanda ya riga wani shi ne maganar gaba ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa tsayuwa da jarka a rana ya san haka.

Yanzu tsohuwa ta zo, sun zama uku. Kada ka rubuta jerin yadda ya faɗo maka a ka, domin za ka maimaita wani ko ka tsallake wani. Ka kafa mutum ɗaya a gaba, ka gama da shi, sannan ka canza. Almajiri a gaba: AGT, ATG. Ɗan garuwa a gaba: GAT, GTA. Tsohuwa a gaba: TAG, TGA. Shida ke nan.

Dubi yadda shidan ta fito. Mutum uku ne za su iya tsayawa a gaba, kuma kowanne daga cikinsu idan ya tsaya, mutum biyun da suka rage suna da hanya biyu ta jeruwa a bayansa. Kashi uku, kowane kashi da biyu a ciki, uku sau biyu, shida.

Cika gurabe ɗaya bayan ɗaya

Mutum biyar ba za mu zauna rubuta su duka ba, don haka ga dabarar da za ta ɗauke mana wannan aikin. Ka ja gajerun layuka biyar a takarda, kowanne gurbin mutum ɗaya. Ka tsaya a kan gurbin farko ka tambayi kanka: mutum nawa ne za su iya tsayawa a nan? Biyar, tunda ba a tsayar da kowa ba tukuna. Rubuta 5. Koma gurbi na biyu ka sake tambayar. Ko wane ne ya shiga gaba, ya riga ya fita daga cikin masu jira, saura huɗu. Rubuta 4. Na uku saura uku, na huɗu saura biyu, na ƙarshe kuwa ba zaɓi, wanda ya rage shi ne zai tsaya. Sai ka ninka:

5 × 4 × 3 × 2 × 1 = 120

A nan ne wata ɗaliba ta taɓa tsayar da ni, ta ce, "Malam, me ya sa ake ninkawa, ba a tarawa? Ai biyar da huɗu da uku da biyu da ɗaya, sha biyar ke nan." Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin wannan ne kuskuren da ya fi yawa, kuma mafi yawan masu yin sa ba sa tambaya. Na ce mata, mu ɗauki gurabe biyun farko kawai. Idan almajiri ne a gaba, mutum huɗu za su iya bin sa: AG, AT, AY, AK. Idan ɗan garuwa ne a gaba, shi ma yana da nasa huɗun: GA, GT, GY, GK. Tsohuwa tana da nata huɗun, yarinya haka, ƙanenta haka. Huɗun nan ba sau ɗaya take zuwa ba balle a ɗora ta a kan biyar a samu tara. Tana zuwa ne a ƙarƙashin kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin, wato huɗu har sau biyar, ashirin. Kowace daga cikin ashirin ɗin nan kuma tana da mutum uku da za su iya shiga gurbi na uku, sittin ke nan. Kowace daga cikin sittin tana da biyu, 120. Na ƙarshe ba ya ƙara komai.

Tarawa tana da nata wurin. Idan aka ce ko wannan ko wancan, abu biyu da ba sa faruwa tare, nan ake tarawa. Jerin da almajiri yake gaba guda 24 ne, jerin da tsohuwa take gaba su ma 24, saboda haka jerin da ko almajiri ko tsohuwa ke gaba 48 ne. Amma idan aka ce a cika wannan gurbi sannan a cika na bayansa, ninkawa ake yi.

To, mene ne faktoriyal?

Gajerce rubutu ne kawai. Maimakon ka rubuta 5 × 4 × 3 × 2 × 1, sai ka rubuta 5! ka karanta shi "biyar faktoriyal". Alamar motsin rai ce aka aro, wadda wani masanin lissafi ɗan Faransa, Christian Kramp, ya fara amfani da ita a wannan ma'ana a 1808. Ma'anarta, ka fara daga lambar ka riƙa ninkawa da wadda ke ƙasa da ita har ka sauka kan ɗaya. Mutum n daban-daban suna jeruwa a layi ta hanya n! ke nan.

Ƙirgen kansa ya girmi alamar nesa ba kusa ba. Wanda ya yi karatun zaure ya san sunan Khalilu ɗan Ahmad na Basra, wanda ya tsara ilimin aruli a ƙarni na 8. Da zai haɗa ƙamus ɗin Larabci, sai ya ɗauki baƙaƙen tushen kalma yana jujjuya su don kada wata kalma ta kuɓuce masa: baƙi biyu suna juyuwa ta hanya 2, uku ta hanya 6, huɗu ta hanya 24, biyar ta hanya 120. Ain da lam da mim, alal misali, su ne suka ba da ilmu, su ne kuma suka ba da amal idan aka sauya musu wuri. Lissafin layin famfonmu ne sak, baƙaƙe ne kawai suka tsaya a madadin mutane.

Yana da kyau ka riƙe na farko-farkon a ka:

1! = 1
2! = 2
3! = 6
4! = 24
5! = 120
6! = 720
7! = 5,040

Ba sai ka faro daga tushe kowane lokaci ba. Kowanne ana samun sa ne daga na bayansa: 6! shi ne 6 × 120, 7! kuma 7 × 720. Dalilin ma ana ganin sa a bakin famfo. A ce mutum uku suna tsaye, na huɗu ya iso aka yarje masa ya shiga duk inda ya so. Wurare huɗu gare shi: gaban na farko, tsakanin na farko da na biyu, tsakanin na biyu da na uku, ko can baya. Jeri shida na mutum uku, kowanne da wuraren shiga huɗu, 24. A rubuce: n! = n × (n − 1)!

Wannan ƙa'idar ce take warware abin da ke ɗaure wa mutane kai, wato 0! = 1. Bi ta da baya. Raba 24 da 4 ka samu 6, wato 3!. Raba 6 da 3 ka samu 2, wato 2!. Raba 2 da 2 ka samu 1, wato 1!. Raba 1 da 1 ka samu 1, wannan shi ne 0!. Idan kuma da hoton layi kake so, filin famfo da ba kowa yanayi ɗaya gare shi, wato wayam. Za mu ga amfaninsa nan gaba kaɗan.

Abin da nake so ka ji a jikinka shi ne saurin da lambar nan take kumbura. Mutum goma suna jeruwa ta hanya 3,628,800. Da za su iya sauya jeri a kowace daƙiƙa, dare da rana ba hutu, sai sun yi kwana 42 cif kafin su gama, tunda yini da dare daƙiƙa 86,400 ne. Ƙara mutum biyu kacal su zama sha biyu, hanyoyin sun kai 479,001,600, aikin ya haura shekara 15. Shi ya sa rubuta jeri duka yake da amfani a kan mutum uku ko huɗu kawai, don ka gwada ko dabararka daidai take.

A kalkuleta irin ta ɗalibai akwai maɓallin x!. A yawancin Casio yana saman maɓallin x⁻¹, sai ka rubuta lambar, ka danna SHIFT, ka danna shi, sannan =. Iyakarta 69!, idan ka sa 70! za ta nuna maka Math ERROR. Ba lalacewa ta yi ba, lambar ce ta wuce abin da take iya ɗauka. A Excel kuwa haka ake rubutawa:

```
=FACT(5)
```

Idan aka sa sharaɗi

Layin gaske ba ya rasa sharaɗi, tambayoyin WAEC da NECO da JAMB ma haka. Ƙa'idata a nan ɗaya ce: ka fara sallamar mai sharaɗi, sannan ka cika sauran guraben.

A Katsina ba mai barin tsohuwa ta tsaya a bayan yara. Ɗan garuwa da kansa zai ce, "Iya, bismillah, wuce gaba." To gurbin farko ya zama na mutum ɗaya tak, rubuta 1. Sauran huɗun su jeru yadda suka so: 1 × 4 × 3 × 2 × 1 = 24. Haka ma idan aka ce ɗan garuwa ya koma ƙarshe saboda jarkokinsa sun yi yawa, ka fara cika gurbin ƙarshe, amsar dai 24 ce. Wanda ya fara daga gaba a wannan yanayin yakan rubuta 5 a gurbin farko, ya manta ɗan garuwa ba ya cikin masu iya tsayawa a can.

Sharaɗi na biyu ya fi bukatar natsuwa. Yarinya ba za ta saki ƙanenta ba, an ja mata kunne daga gida, dole su tsaya dab da juna. Dabarar ita ce ka ɗaure su wuri ɗaya kamar dami, ka ɗauke su tamkar mutum guda. Abubuwan jerawa sun koma huɗu: A, G, T, da damin. Huɗu suna jeruwa ta hanya 24. Sai dai aiki bai ƙare ba, domin a cikin damin ko yarinya ce gaba ko ƙanenta, YK ko KY. Kowane jeri daga cikin 24 ɗin nan ya rabu biyu ke nan:

4! × 2! = 24 × 2 = 48

Cikin masu kuskure a wannan tambayar, mafi yawa a kan 24 suke tsayawa, sun ɗaure dami sun manta su kwance. Idan su uku ne 'yan gida ɗaya a cikin mutum biyar, damin da sauran mutum biyu abu uku ne, cikin damin kuma hanya shida, 3! × 3! = 36. Amma ka karanta tambaya da kyau. Idan cewa aka yi yaron ya tsaya a gaban yayarsa dab da ita don ta riƙa ganin sa, to cikin damin hanya ɗaya ce, amsar 24 ce.

Yanzu a juya. Almajiri da ɗan garuwa sun yi cacar baki jiya, ba a so su tsaya kusa da juna. Idan ka ce za ka ƙirga wannan kai tsaye gurbi-gurbi za ka sha wahala, domin amsar gurbi na gaba tana canzawa gwargwadon wanda ya tsaya kafin shi. Hanya mai sauƙi ita ce ka ƙirga abin da ba a so ka ɗebe. Jeri duka 120 ne. Waɗanda suke manne da juna, ta dabarar dami, 48 ne. Ragowar 72 su ne waɗanda akwai aƙalla mutum ɗaya a tsakaninsu.

Mu haɗa biyu mu bi su har ƙarshe: tsohuwa a gaba, yarinya da ƙanenta tare. Tsohuwa ta ɗauki gurbinta, an gama da ita. Saura A, G da damin, abu uku, hanya 6. Cikin dami hanya 2. Amsa 12. Wannan kaɗan ce, don haka mu gwada ta da rubutu. Damin nan da nan bayan tsohuwa: TYKAG, TYKGA, TKYAG, TKYGA. Damin a tsakiyar mazan biyu: TAYKG, TAKYG, TGYKA, TGKYA. Damin a ƙarshe: TAGYK, TAGKY, TGAYK, TGAKY. Huɗu sau uku, sha biyu, lissafi da rubutu sun yi daidai.

Idan ba kowa ne zai samu ba

A ce magariba ta gabato, mai kula da famfo ya ce mutum uku kawai zai bari su ɗiba kafin ya sa kwaɗo. Ta hanya nawa za a samu na ɗaya da na biyu da na uku daga cikin mutum biyar? Ja layuka uku kawai, ka yi tambayar da ka saba: 5 × 4 × 3 = 60. Ka tsaya inda gurabe suka ƙare.

Littafi zai rubuta maka wannan a matsayin 5! ÷ 2!, wato 120 ÷ 2. Abu ɗaya ne. Mutum biyun da ba su samu ba, ba ruwanmu da wanda ya riga wani a cikinsu, don haka muka raba da hanyoyi biyun da za su iya jeruwa. Maɓallin nPr na kalkuleta wannan yake yi. Idan kuwa duka biyar ɗin za su samu, waɗanda suka rage sifili ne, sai ka raba 5! da 0!, kuma dole amsar ta dawo 120. Ka ga dalilin da 0! ba zai zama komai ba sai ɗaya.

Wajen rabawa kada ka wahalar da kanka da manyan lambobi. 10! ÷ 8! ba sai ka fitar da miliyoyi ba, duk abin da ke daga 8 zuwa ƙasa ya soke juna, saura 10 × 9 = 90. Sai dai ka kiyayi sokewar ganganci: 6! ÷ 3! ba 2! ba ne, 720 ÷ 6 ne, 120. Haka nan 2! + 3! takwas ne, ba 5! ba.

Yadda za ka gane ka kauce

Idan tambaya a kan jera mutum biyar ce a layi ɗaya, ka samu amsar da ta haura 120, akwai matsala, domin sharaɗi rage hanyoyi yake yi. Mafi yawan lokaci abin da ya faru shi ne an rubuta 5 × 5 × 5 × 5 × 5, aka samu 3,125. Wannan lissafin ya yarda mutum ɗaya ya tsaya a gurbi biyu lokaci guda. Yana da wurinsa, kamar lambar sirri ta katin banki, inda lamba takan maimaitu: gurbi huɗu, kowanne da zaɓi goma, 10,000. Mutum kuwa idan ya tsaya a wuri ɗaya ya tsaya.

Gwaji na biyu, ka ƙirga kishiyar abin da aka tambaya ka haɗa su. Masu manne 48, marasa manne 72, jimla 120. In ba su cika ba, ɗaya daga ciki ba daidai ba ne. Na uku, wanda na fi amincewa da shi, ka rage mutanen zuwa uku ka yi dabarar taka, sannan ka duba jerin shidan nan da muka rubuta tun farko. Dabarar dami ta ce A da G suna manne ta hanya 2! × 2! = 4. A jerin: AGT, GAT, TAG, TGA. Huɗu ne.

Inda n! ba ya aiki kai tsaye

Duk abin da muka yi ya dogara ne a kan cewa ana iya bambanta kowa da kowa. Sau da yawa kuwa a famfo ba mutane ne a layi ba, jarkoki ne aka jera masu su suka koma inuwa. A ce jarka biyar ne, uku rawaya iri ɗaya sak, biyu farare iri ɗaya, kuma launi kawai muke dubawa. Idan ka musanya rawaya da rawaya, ido ba zai ga wani canji ba. Da ka ce 120, ka ƙirga kowane jeri sau da yawa. Sau nawa? Rawaya ukun suna musanya wuri a tsakaninsu ta hanya 6, fararen ta hanya 2, wato kowane jeri da ido yake gani an ƙirga shi sau 12. Sai a raba:

5! ÷ (3! × 2!) = 120 ÷ 12 = 10

Goma ma ana iya gwada ta. Ka duba guraben da fararen biyu za su zauna: na 1 da na 2, 1 da 3, 1 da 4, 1 da 5, huɗu ke nan. Sai 2 da 3, 2 da 4, 2 da 5, uku. Sai 3 da 4, 3 da 5, biyu. Sai 4 da 5, ɗaya. Huɗu da uku da biyu da ɗaya, goma. Amma da ɗan garuwa zai ɗauko gawayi ya rubuta wa kowace jarka lambarta, sun zama abu biyar daban-daban, amsar ta koma 120.